Yadda ake tsara hutun shekara ba tare da wani sashe ya rasa hannu a watannin cunkoson aiki ba

Yawancin shugabannin sassa suna fara tunanin hutun shekara ne ranar da takardar neman hutu ta iso teburinsu. Su duba ranakun, su duba fuskar mai nema, su sa hannu ko su ce a dakata. A haka ake tafiya har watannin da aiki ke tumbatsa su ƙarato, sai a tarar mutum shida na bin hutu, kowa na son ya tafi kafin shekara ta ƙare, kuma lokacin ne ake buƙatar kowane hannu. Ɓarnar tun baya aka yi ta, a makonnin da aiki ya lafa amma babu wanda ya tafi. Hutun shekara bashi ne da ma'aikata ke bin wurin aiki, kuma guraben da za a biya shi a cikinsu ƙididdigaggu ne. Duk makon da gurbi ya wuce babu kowa a ciki, ba zai dawo ba.

Saboda haka aikin yana farawa ne da lissafi, tun kafin a tambayi kowa lokacin da yake so. Zan bi matakan da misalin sashe guda, sashen sito na wani kamfanin rarraba kaya, mai ma'aikata 10. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa a madadinsu.

Mataki na ɗaya: ka fitar da mafi ƙarancin adadi daga aikin kansa

Idan ka tambayi shugaban sashe mutum nawa yake buƙata, zai ce maka duka. Ba ƙarya ya yi ba, domin da duka aikin ya fi sauƙi. Tambayar da za ta ba ka amsa mai amfani ita ce: mene ne dole a gama kowace rana, kuma hannu nawa ne ke gama shi?

A siton namu akwai kujeru uku da ba sa zama babu kowa: mai sa hannu kafin kaya su fita, mai tuƙa injin ɗaga kaya, da mai rubuta shiga da fitar kaya. Sauran aikin shi ne haɗa oda, kuma mutum ɗaya yana haɗa kamar oda 60 a rana ba tare da an matsa masa ba. Sai a ɗauko bayanan shekara biyu ko uku da suka wuce a ga yadda oda ke hawa da sauka. A ce an tarar daga Oktoba zuwa Disamba ana samun oda 360 a rana, a yawancin sauran watanni 300, a Fabrairu da Maris kuma tana sauka zuwa 240. Raba kowanne da 60. Lokacin cunkoso ana buƙatar masu haɗawa 6, da kujeru ukun nan, mutum 9 ke nan. Lokacin da aka saba, 8. Lokacin da aiki ya lafa, 7.

Ka lura da abu biyu a nan. Adadin ba ɗaya ba ne duk shekara, kuma wanda ya kafa lamba ɗaya daga Janairu zuwa Disamba ko dai ya takura mutane a banza lokacin sauƙi, ko ya bar sashe a buɗe lokacin wuya. Sannan a yi amfani da abin da mutum ke iya yi a rana ta yau da kullum. Kada a ɗauki ranar da ya fi ƙoƙari a shekara. Wanda ya taɓa haɗa oda 85 rana ɗaya ba zai yi hakan mako 13 a jere ba, in kuwa aka gina tsari a kan 85, kurakurai da rashin lafiya ne za su biyo baya.

Watannin cunkoso ma a bar takarda ta faɗe su. Sau da yawa mutane suna tuna makon da aka fi shan wahala, su manta cewa hawan ya fara tun mako uku kafin nan. Kowane sashe kuma da nasa lokacin. Masu lissafin kuɗi suna shan nasu a ƙarshen kowane wata da lokacin rufe asusun shekara, wanda sau da yawa yakan zo bayan sito ya huta. Wannan bambancin zai yi mana amfani can gaba.

Mataki na biyu: ka ware gurbin ko-ta-kwana

Mafi ƙarancin adadi shi ne waɗanda ke tsaye a wurin aiki da safe. Sunan da ke kan takarda ba ya haɗa oda. Ciwo, rasuwa, jinyar ɗa, kiran gaggawa, duk ba sa neman izini. Idan ka ba da hutu har adadi ya sauka daidai kan iyaka, mutum ɗaya ya kwana da zazzaɓi ka faɗa ƙasa.

Ka duba rajistar bara ka ƙirga ranakun da mutane ba su zo ba ba tare da shiri ba. A ce a sashen namu an samu kwana 100 cikin kwanakin aiki 250. Wato kowane mutum yana rasa kwana 10, kashi 4 cikin 100 na lokacinsa. A ido kaɗan ne. Amma da yake su 10 ne, lissafi yana nuna kusan rana ɗaya cikin kowace uku za a wayi gari aƙalla mutum ɗaya bai zo ba. Ranar da biyu ko fiye za su rasa tare ba ta da yawa, kamar rana ɗaya cikin 17. Don haka gurbi ɗaya na ko-ta-kwana ya wadatar da sashe irin wannan, ragowar ranakun nan kuma a tare su da ƙarin awanni. Sashe mai mutum 30 zai buƙaci biyu ko uku.

Wannan gurbin ba na rabo ba ne. Za a roƙe ka shi, domin mai nema zai ga mutum tara a wurin aiki alhali takwas ake buƙata, ya ce ai akwai wuri. Ranar da ka ba da shi, ka sani cewa ba ka da komai a hannu idan wani ya kwanta.

Mataki na uku: ka auna bashi da gurabe

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Fara da bashin. Kowane ma'aikaci yana da kwanakin aiki 20, wato mako 4. Mutum 10, mako 40. Sai a ƙara abin da aka tsallako da shi daga bara, a ce mako 5. Jimilla mako 45 ne dole a biya a bana.

Sai guraben. A kowane mako, gurbin hutu shi ne yawan ma'aikata, a cire mafi ƙarancin adadi, a cire na ko-ta-kwana. A makonni 13 na Oktoba zuwa Disamba: 10 a cire 9 a cire 1, babu ko ɗaya. A makonni 39 na Janairu zuwa Satumba, idan aka ɗauki 8 a matsayin iyaka: 10 a cire 8 a cire 1, gurbi ɗaya a mako, jimilla 39.

Bashi 45, gurabe 39. Ko da kowa ya bi umarni, ko da babu makon da ya wuce a banza daga ranar farko ta Janairu, mako 6 ba su da wurin zama. Shugaban da bai yi wannan lissafin ba zai shafe shekara yana zargin mutanensa da son kai, su kuma suna zarginsa da mugunta, alhali tsarin ne tun farko ba zai yiwu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gara a ga giɓin nan tun kafin shekara ta kama, lokacin da akwai abin yi a kai.

Abin yi na farko yana cikin aljihunmu. Mun riga mun ga cewa Fabrairu da Maris mutum 7 sun isa, don haka a makonni 8 na waɗannan watannin mutum biyu za su iya tafiya tare. Gurabe sun tashi daga 39 zuwa 47. Yanzu sun zarce bashin da 2, sai dai rarar 2 ba ta isa a yi numfashi ba. Tana nufin kusan babu wanda ke da zaɓi, duk wanda aka ce ya tafi makon kaza dole ya tafi, kuma canji ɗaya zai wargaza komai. A nawa ganin, bashin bai kamata ya cinye fiye da kashi 85 cikin 100 na gurabe ba.

Abin yi na biyu shi ne aro. A samu mutum ɗaya daga wani sashe da nasa aikin ke da sauƙi a Yuli da Agusta, a koya masa haɗa oda, ya zo sito na mako 6. Gurabe sun zama 53, kuma 45 cikin 53 ya kai kusan kashi 85. Yanzu tsari ya samu wurin juyawa. Amma aron nan sai an rubuta shi a jadawalin sashen da ya bayar, a matsayin mutumin da ba ya nan. Na sha ganin an lissafa mutum ɗaya a sassa biyu a mako guda, kowane shugaba yana jin hankalinsa a kwance, sai ranar ta zo a ga jiki ɗaya ne. Koyarwar kuma a yi ta tun watanni kafin lokacin, ya yi ko kwana uku yana aiki kusa da wanda ya iya.

Idan bayan wannan duka bashin bai shiga ba, maganar ta wuce teburin shugaban sashe. Sai a kai wa manya alƙaluman: ko a ɗauki ma'aikacin wucin gadi na wasu makonni, ko a yarda a jinkirta wani aiki da ba na gaggawa ba, ko a amince cewa sashen ba shi da isassun mutane. Kai musu takarda mai lamba biyu, bashi da gurabe, ya fi kuka na awa guda tasiri.

Kafin a rufe watannin cunkoso, a duba dokar ƙwadago ta ƙasar da ake aiki da kuma yarjejeniyar ɗaukar aiki, domin su ne ke faɗin kwana nawa ne haƙƙi, ko ana iya tsallakewa da shi zuwa baɗi, da irin sanarwar da ake bayarwa. Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, ta sa mafi ƙarancin hutu mako uku na aiki ga wanda ya yi shekara guda, ta ce idan za a rarraba shi to kashi ɗaya ya kai mako biyu a jere sai in an yi wata yarjejeniya, kuma ranakun hutun gwamnati ba sa shiga lissafin. Ta bar wa mai aiki tsayar da lokacin, bayan ya tuntuɓi ma'aikacin. Ƙasashen da suka rattaba hannu ne kawai take ɗaure wa, amma ma'auni ne mai kyau ga kowa. Mako biyun nan a jere ya dace a gina tsari a kansu, domin wanda ake gutsura wa hutu kwana biyu-biyu bai huta ba.

Mataki na huɗu: ka rubuta waɗanda ba sa tafiya tare

Adadi zai iya cika aiki ya tsaya. A siton namu mutum biyu ne kawai suka iya tuƙa injin ɗaga kaya, biyu suka iya rajistar kaya, shugaba da mataimakinsa ne ke da ikon sa hannu. Na biyun kowace kujera yana haɗa oda a sauran ranaku. A makonnin da gurbi ɗaya ne babu damuwa. A Fabrairu, Maris da makonni shidan aro, inda mutum biyu ke tafiya tare, idan masu injin biyu suka dace a mako guda za a ga mutum takwas ko tara a tsaye, kaya na saman kanta babu mai sauko da su. Don haka a rubuta su a fili: waɗannan biyun ba sa haɗuwa a hutu, waɗannan ma haka.

Akwai raunin da wannan dokar ba ta rufe ba. Idan mai injin na farko yana hutu, na biyu ya kwanta ciwo, gurbin ko-ta-kwana ba zai cece ka ba, domin mutum ya rage maka, ba gwani ba. Maganinsa shi ne a horar da na uku. Kujerar da kuwa mutum ɗaya tak ya iya, ita za a fara da ita, domin mai ita ba ya taɓa yin hutu na gaskiya, wayarsa ba ta daina ƙara.

Mataki na biyar: ka shimfiɗa jadawalin

Ba a buƙatar manhaja mai tsada. Shafi ɗaya na Excel ko Google Sheets ya isa kowane sashe. Sunaye 10 a layi na 2 zuwa na 11, makonni 52 a jere daga ginshiƙin C zuwa BB. Wanda ke hutu a sa masa H, wanda ya tafi kwas ko aka ba da aronsa a sa K, wanda ke nan a bar gidan babu komai. Layi na 12 adadin waɗanda aka aro, layi na 13 mafi ƙarancin adadin makon, layi na 14 kuma guraben da suka rage:

```
=COUNTBLANK(C2:C11)+C12-C13-1
```

Ɗayan da ke ƙarshe shi ne na ko-ta-kwana. A ja wannan har zuwa BB, a sa gidan ya koma ja idan amsar ta gaza sifili. A ƙarshen layin kowane mutum a ƙirga makonnin da aka tsara masa:

```
=COUNTIF(C2:BB2,"H")
```

Idan masu injin biyu suna layi na 4 da na 5, wannan zai nuna makon da suka haɗu:

```
=AND(C4<>"",C5<>"")
```

Wani ƙaramin abu da ke ɓata lissafi: idan aka goge H ta hanyar danna tazara, gidan a ido babu komai amma kwamfuta tana ganin akwai abu, sai ta ƙirga mutumin a matsayin ba ya nan. A goge da Delete. Kwas, taro na kwanaki da hutun haihuwa da aka san lokacinsa, duk a shigar da su kafin a buɗe wa kowa, domin su ma gurbi suke ci. Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa gyara shafin, saura su gani kawai.

Mataki na shida: ka raba makonnin zagaye-zagaye

Hanyar da aka fi bi ita ce wanda ya riga nema shi ya samu. Tana da sauƙi, amma duk shekara mutanen nan biyu ko uku da suka san lagon abin su ne ke kwashe makonnin da kowa ke so, sabon ma'aikaci da mai kunya su tashi da ragowa. Bin girma ma haka yake, ƙarami zai shekara biyar bai taɓa samun lokacin da yake so ba.

Abin da na fi yarda da shi shi ne zagaye. Wata biyu kafin shekarar hutu ta fara, a nuna wa kowa jadawalin, da makonnin da aka rufe da dalilin rufe su. A zagayen farko kowa ya rubuta zaɓi uku na mako biyu a jere, na ɗaya, na biyu, na uku. A bi su bisa jerin sunaye da ke juyawa: waɗanda suka fara zaɓe bara su koma ƙarshe bana. Mako 20 sun zauna ke nan. A zagaye na biyu a juya jerin, na ƙarshe ya zama na farko, kowa ya ɗauki mako na uku, masu bin bashin bara kuma su sa nasu, zai fi kyau a Fabrairu da Maris inda wuri yake. Mako na huɗu a bar wa kowa a hannu, ya riƙa cira kwana ɗaya ko biyu don buƙatunsa, da sharaɗin akwai gurbi a ranar kuma ya ba da sanarwa. Waɗannan kwanakin da rana ake ƙirga su, kuma a karkata su zuwa makonnin da babu mai dogon hutu, domin kwana ɗaya a tsakiyar mako yana hana wani ɗaukar makon gaba ɗaya.

Duk wanda aka hana zaɓinsa na farko a rubuta sunansa, baɗi shi ke gaba. Mutane suna jure hani idan sun ga ƙa'idar ɗaya ce ga kowa, har da shugaba da mataimakinsa. Ranar da shugaba ya rufe Disamba ga kowa sannan ya ɗauki mako ɗaya a cikinta, ya gama da tsarin da hannunsa.

Akwai kuma waɗanda ba sa neman hutu sam, kuma su ne suka fi ba tsarin wahala, ko da yake da kyakkyawar niyya suke yi. Mai rajistar kaya, dattijo mai riƙon amana, aka zo kansa a zagayen farko sai ya ce, "Yallaɓai, a ba yara su zaɓa, ni ba na gaggawa. Idan aiki ya yi sauƙi sai in tafi." Shugaban ya juyo masa da shafin, ya ɗora yatsa kan Oktoba ya ce, "Baba, daga nan zuwa ƙarshe babu gurbi ko ɗaya. In ba ka zaɓa yanzu ba, mako huɗunka nan za su faɗo, lokacin da ba zan iya sakin ka ba kuma ba ni da ikon hana ka haƙƙinka. Ka taimake ni ka ɗauki biyu a Maris." Dattijon ya daɗe yana kallon layin gidajen da ke nuna sifili, sannan ya sa hannu a mako na biyu da na uku na Maris. Babu wanda zai fita daga zagaye na biyu ba tare da mako uku a rubuce ba.

Mataki na bakwai: ka riƙa duba lamba biyu

Tsarin da aka yi a Nuwamba aka ajiye ba zai kai Yuni da rai ba. Mutane suna ɗage hutu, shugabanni suna roƙon a ɗan dakata. A ƙarshen kowane wata a fitar da lamba biyu: bashin da ya rage, da guraben da suka rage kafin watannin cunkoso.

A misalinmu gurabe 53 sun rabu haka: 21 daga Janairu zuwa Maris, 13 daga Afrilu zuwa Yuni, 19 daga Yuli zuwa Satumba. A ƙarshen Maris saura gurabe 32, don haka dole a ce an riga an ci aƙalla mako 13 daga cikin 45. Wannan iyakar ƙarshe ce, wadda ba ta bar rara ko ɗaya ba. Abin da ya kamata a nufa shi ne 18. A ƙarshen Yuni saura 19, dole an ci 26 ko fiye. A ce Maris ta ƙare an ci mako 9 kacal, saboda mutane sun ce shekara ba ta yi nisa ba. Bashi 36, gurabe 32. Tun a ranar 1 ga Afrilu ka san mako 4 za su faɗa cikin Oktoba zuwa Disamba, kuma kana da wata shida na neman ƙarin aro ko shirya ma'aikacin wucin gadi. Wanda ba ya duba lambobin nan sai a Satumba zai sani.

Alamomin da ke nuna tsari ya fara zamewa ba su da wuyar gani: mako biyu a jere gurbi yana buɗe babu kowa, mutum ya ɗage hutunsa sau biyu, ko wani ya kai Yuni bai taɓa kwana ɗaya ba. Ƙa'idar ɗagewa ta zama ɗaya: ba a goge H daga wani mako sai an rubuta ta a wani makon mai gurbi, a zama guda.

Idan kuma shekarar hutunku tana ƙarewa a Disamba, watannin cunkosonku ma a nan suke, kuma ƙa'ida ta ce wanda bai ci ba ya rasa, to ku da kanku kuke turo mutane cikin lokacin da ba ku son su tafi. A nemi ofishin kula da ma'aikata ya mayar da shekarar hutun, misali daga Afrilu zuwa Maris, yadda ƙarshenta zai faɗa a watannin sauƙi, matuƙar doka ta ba da dama.

Idan wani ya bar aiki a tsakiyar shekara

Wannan ne babban gwajin. A ce a Mayu mutum ɗaya ya ajiye aiki. Sashe ya koma 9, kuma 9 a cire 8 a cire 1 babu abin da ya rage. Kusan duk hutun da aka amince da shi daga nan zuwa Satumba yanzu gurbin ko-ta-kwana yake ci, a Oktoba kuma za a shiga cunkoso da mutum 9 daidai kan iyaka. Jinya mai tsawo ma haka take yi. A ranar da labarin ya zo a sa wa layin mutumin K har ƙarshen shekara, a cire sauran hutunsa daga bashin, a ga makonnin da suka koma ja.

Sannan a bi hanyoyin gyara daga mai sauƙi zuwa mai ɗaci. A fara da tambayar ko akwai mai son musanya makonsa da son ransa. A nemi a tsawaita aron da aka shirya, ko a matso da shi kusa. A ɗauki na wucin gadi a kujerar da ta fi saurin koyo, wato haɗa oda, gwanayen gida su riƙe kujeru ukun. A yi ƙarin awanni na ɗan lokaci, ba fiye da mako biyu ko uku ba, domin bayan nan gajiya ke haifar da sabon rashin zuwa. Soke hutun da aka riga aka sa wa hannu shi ne na ƙarshe. Idan ya zama dole, a faɗa wa mutumin baki da baki, a biya shi abin da ya riga ya kashe a shirin tafiya, a ba shi sabon lokaci a rubuce nan take, a sa shi gaba a jerin baɗi. Mutumin da aka soke wa hutu babu bayani zai daina yarda da jadawalin, sauran kuma suna kallo.

Cike gurbin wanda ya tafi yana da wa'adinsa, kuma jadawalin ne ke faɗinsa. Idan sabon ma'aikaci yana buƙatar mako 4 kafin ya kai oda 60 a rana, kuma ɗaukarsa kan ci mako 6, to a ƙirga mako 10 baya daga makon farko na Oktoba. Takardar neman cike gurbin dole ta bar teburinka kafin mako na uku na Yuli ya ƙare.